Yadda Injin Bincike Yake Zaɓar Abin da Zai Fara Nuna Maka

A ce wata jarida ta tara labarai dubu ɗaya a rumbunta na intanet. Wani ɗan kasuwar hatsi ya shiga, ya rubuta kalmomi biyu a akwatin bincike, "farashin gero", ya danna. Kafin ya ɗauke yatsansa sakamako ya jeru, wani labari a sama, wani a ƙasa. Na'urar ba ta san gero ba, ba ta taɓa shiga Dawanau ba, ba ta ma jin Hausa. To da me ta yanke hukuncin cewa wannan labarin ne ya cancanci zama na ɗaya?

A wurare da yawa amsar ita ce wani ɗan lissafi da ake kira BM25. Haruffan biyu taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci masu nufin "wanda ya fi dacewa", 25 kuma lambarsa ce a cikin jerin dabarun da masu shi suka yi ta gwadawa. Ya fito ne daga Jami'ar City da ke Landan, inda Stephen Robertson da Steve Walker da abokan aikinsu suke da wani tsarin bincike mai suna Okapi. A 1994 suka kai shi zagaye na uku na TREC, taron shekara-shekara da hukumar ma'aunai ta Amurka take shiryawa, inda ake bai wa masu bincike tarin rubutu ɗaya da tambayoyi iri ɗaya, a ga tsarin wa zai fi fito da amsoshin kirki. Ya yi fice a can, sai wasu suka ɗauka. A 2016 manhajar Lucene, wadda Elasticsearch da Solr suke zaune a kanta, ta mai da shi ma'auninta na asali. Ke nan akwatunan bincike masu ɗimbin yawa na jaridu da kantunan intanet da ɗakunan karatu da shi suke aiki, ko masu su sun sani ko ba su sani ba.

Tushensa wata ƙa'ida ce da Robertson ya shimfiɗa a 1977. Na'ura ba za ta taɓa tabbatar da abin da ke zuciyar mai nema ba, don haka abin da ya fi shi ne ta jera rubuce-rubuce gwargwadon yiwuwar su biya masa buƙata, wanda ya fi yiwuwa a gaba. Shi ya sa ake cewa lissafi ne na yiwuwa. Kowace kalmar da mai nema ya rubuta, in an same ta a cikin labari, tana zama shaida. Aikin BM25 shi ne auna nauyin wannan shaida, kuma yana yin haka ne da tambayoyi uku. Kalmar nan tana da wuyar samu ko ta cika gari? Sau nawa ta fito a labarin? Labarin kansa dogo ne ko gajere?

Cigiyar akuya

Tambaya ta farko ta girmi BM25. Karen Spärck Jones ta Jami'ar Kambirij ce ta kawo ta a 1972, kuma duk wanda ya taɓa jin cigiya a kasuwa ya riga ya san ta. In mutum ya ce akuyarsa ta ɓace, mai ƙafa huɗu da wutsiya, bai faɗi komai ba, don kowace akuya haka take. In ya ce ja ce, ya rage yawan waɗanda za a duba. In ya ce kunnenta na hagu yankakke ne, an kusa gano ta. Alama tana daraja ne gwargwadon ƙarancinta.

Haka kalmomi suke. A rumbun jaridarmu, mu ɗauka "farashin" ta fito a labarai 200 cikin dubun, "gero" kuma a labarai 20 kacal. Lissafin yana raba jimillar labarai da adadin waɗanda kalmar ta fito a cikinsu, sannan ya danne sakamakon da abin da masu lissafi ke kira logarizim, don kada tazarar ta yi yawa. Da aka yi wannan, nauyin "gero" ya kama kusan 3.9, na "farashin" kusan 1.6. Kalma irin "da" ko "a", wadda babu labarin da ba ta ciki, nauyinta kusan sifiri ne. Ba wanda ya gaya wa na'urar cewa "da" ba ta nuna batun labari. Ƙidaya ce ta nuna mata, kuma wannan ne ya sa dabarar take aiki a Hausa kamar yadda take yi a Turanci ko Larabci.

Ƙoshin kalma

Tambaya ta biyu ce ta fi ba masana wahala, kuma a ganina a nan ne hikimar BM25 take. Labarin da ya ambaci gero sau biyar ya fi wanda ya ambace shi sau ɗaya alamar cewa a kan gero yake magana. Wannan ba gardama. Amma wanda ya ambace shi sau ɗari, ya ninka mai sau ɗaya har ɗari wajen dacewa? Tsofaffin dabarun da suka tsaya a ƙirga kalma tsagwaronta haka suke ɗauka, kuma hakan yana ba da sakamako marar kan gado. Yana kuma buɗe ƙofa ga mai wayo ya cusa kalma ɗaya sau ɗaruruwa a shafinsa don ya hau sama.

Tunanin Robertson da Walker ya samo asali ne daga aikin Stephen Harter na 1975. Harter ya lura cewa ga kowace kalma, rubuce-rubuce kashi biyu ne: waɗanda da gaske a kan batun kalmar suke, da waɗanda suka ambace ta a wucewa. Abin da ake son sani shi ne wane kashi labari ya faɗa. Ambato ɗaya yana iya zama tsautsayi. Na biyu da na uku suna ƙarfafa zato sosai. Amma da an kai goma, magana ta ƙare, an san labarin na gero ne, na goma sha ɗaya ba zai ƙara wani sani ba. Manomi ya san wannan a gonarsa. Ruwan farko busasshiyar ƙasa shanye shi take yi nan take, na biyu ma ta sha, amma in ta ƙoshi, duk wanda ya ƙara sauka sai ya kwanta a sama ko ya gangare.

Cikakken lissafin Harter yana da wuyar aiwatarwa, sai suka nemo ɗan gajeren da yake kwaikwayon siffarsa:

```
f × (k1 + 1) / (f + k1)
```

A nan `f` shi ne sau nawa kalmar ta fito a labarin, `k1` kuma lamba ce da mai kula da injin yake saitawa, galibi tsakanin 1.2 da 2. Mu ɗauki 1.2, wadda Lucene take zuwa da ita. In gero ya fito sau ɗaya, maki 1 ne. Sau biyu, 1.38. Sau uku, 1.57. Sau biyar, 1.77. Sau goma, 1.96. Sau ɗari, 2.17. Ko sau dubu aka rubuta shi, ba zai kai 2.2 ba. Dubi yadda ƙarin yake raguwa: ambato na biyu shi kaɗai ya ƙara 0.38, amma ambato casa'in da ke tsakanin goma da ɗari gaba ɗayansu 0.21 suka ƙara.

Wannan rufi yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Tunda kalma ɗaya ba za ta iya wuce iyakarta ba, hanyar da ta fi sauƙi ga labari ya tara maki ita ce ya ƙunshi sauran kalmomin da aka nema. Mai neman "farashin gero" yana son duka biyun ne, kuma ƙoshin kalma yana karkata ma'auni zuwa labarin da ya haɗa su. In aka mai da `k1` sifiri, yawan ambato ya daina tasiri gaba ɗaya, abin dubawa kawai kalmar tana nan ko ba ta nan. In aka ɗaga shi sama sosai, an koma gidan jiya na ƙirga tsagwaro.

Dogo da gajere

Saura tambaya ta uku. Gero sau uku a cikin ɗan labari mai kalmomi 250 ba ɗaya yake da gero sau uku a rahoto mai kalmomi 2,000 ba. Cokalin gishirin da zai ji a ƙaramar tukunya, in aka zuba shi a tukunyar biki ba wanda zai san an sa. Dogon rubutu yana da damar cin karo da kowace irin kalma don tsawonsa kawai, saboda haka dole a yi masa ragi.

Sai dai nawa za a rage? Robertson ya ce abu biyu ne suke sa rubutu ya yi tsawo. Akwai marubuci mai yawan zance, wanda zai faɗi abin da ake faɗa a shafi ɗaya a shafi huɗu. Shi wannan komai nasa ya ninku huɗu, har da ambaton gero, don haka adalci shi ne a raba ƙidayarsa da huɗu. Akwai kuma rubutun da ya yi tsawo don ya tattaro batutuwa da yawa, kamar an ɗinke labarai huɗu wuri guda. Shi kuma in sashe ɗaya nasa ya yi bayanin gero yadda ya kamata, zalunci ne a hukunta shi saboda sauran sassan. Yawancin rubutu na gaske gauraye ne na biyun. Don haka BM25 ya raba gardama da wata lamba, `b`, wadda take tsakanin sifiri da ɗaya. Sifiri yana nufin kada a kula da tsawo sam, ɗaya yana nufin a yi cikakken ragi. Abin da aka saba sawa shi ne 0.75, kuma gwaji ne ya nuna dacewarsa, ba wata doka ta lissafi ba.

Ga yadda ake haɗa su:

```
K = k1 × (1 − b + b × L / A)
maki = W × f × (k1 + 1) / (f + K)
```

`L` tsawon labarin ne, `A` matsakaicin tsawon labaran rumbun, `W` kuma nauyin kalmar da muka samo daga ƙarancinta. Ana yin wannan ga kowace kalmar da aka nema, a tara. Abin lura shi ne inda tsawon ya shiga. Ba a raba makin ƙarshe da tsawo kai tsaye, ana canja saurin ƙoshi ne. Labari mai matsakaicin tsawo `K` ɗinsa daidai yake da `k1`. Gajere nasa ƙarami ne, yana ƙoshi da wuri. Dogo nasa babba ne, sai ya yi ta ambaton kalmar kafin a gamsu da shi.

Labarai uku a kan sikeli

Mu koma wajen ɗan kasuwarmu. Matsakaicin tsawon labari a rumbun kalmomi 500 ne. Labarai uku ne suke takara.

Na farko ɗan rahoton kasuwa ne mai kalmomi 250, ya ambaci "gero" sau uku, "farashin" sau biyu. Na biyu dogon sharhi ne kan tsadar rayuwa, kalmomi 2,000, ya taɓo man fetur da taki da kuɗin mota da haya, ya ce "farashin" sau goma, "gero" sau biyar. Na uku bayani ne na yadda ake dama fura, kalmomi 500, "gero" sau ashirin, amma babu "farashin" ko sau ɗaya.

Da ƙirga tsagwaro za a yi, a ninka kowane ambato da nauyin kalmarsa, labarin fura ne zai yi na ɗaya da maki 78, sharhin tsadar rayuwa ya bi shi da kusan 36, rahoton kasuwa ya zo ƙarshe da kusan 15. Wato abin da mutumin ya fi buƙata shi zai kwana a ƙasa.

Yanzu a sa BM25. Rahoton kasuwa rabin matsakaici ne, don haka `K` ɗinsa ya sauko zuwa 0.75. Geronsa uku sun ba shi 1.76, a ninka da 3.9, kusan 6.9 ke nan. "Farashin" biyu sun ba shi 1.6, a ninka da nauyinta 1.6, kusan 2.6. Jimilla kusan 9.4. Dogon sharhi ya ninka matsakaici sau huɗu, `K` ɗinsa ya hau zuwa 3.9. Geronsa biyar 1.24 kawai suka kawo, ƙasa da abin da uku suka kawo wa gajeren. Da aka haɗa da "farashin" goma, ya tashi da kusan 7.4. Labarin fura tsawonsa daidai da matsakaici, ba ragi ba ƙari, amma geronsa ashirin sun tsaya a 2.08, makinsa kusan 8.1, ba shi kuma da kalma ta biyu da zai ƙara da ita.

Rahoton kasuwa ya hau sama. Wanda yake na ƙarshe ya koma na farko, ba tare da na'urar ta fahimci jimla ko ɗaya ba. In kuma aka kashe ragin tsawo, aka mai da `b` sifiri, dogon sharhi zai haura zuwa kusan 10.1, rahoton kasuwa ya sauko 8.3. Lamba ɗaya ta canja wanda mai karatu zai fara gani.

Amma a sake duba sakamakon da kyau. Labarin fura, wanda bai ce komai a kan kuɗi ba, ya sha gaban sharhin da wataƙila yana ɗauke da sakin layi guda cikakke a kan abin da ake sayar da buhun gero. Ɗan kasuwar da za a tambaye shi, sharhin zai zaɓa. Wannan rauni ne sananne: in rubutu ya yi tsawo ƙwarai, ragin yana iya danne makinsa har ya kusa zama kamar kalmar ba ta cikinsa. A 2011 Yuanhua Lv da ChengXiang Zhai suka nuna wannan matsala, suka kawo gyaran da ake kira BM25+, wanda yake ba kowace kalmar da ta fito wani ɗan maki da ba ya raguwa komai tsawon rubutu. Alamar ciwon a bayyane take. In ka ga gajerun shafuka marasa ƙwari kullum su ne a sama, manyan rahotanni suna nutsewa, `b` ya yi yawa ga wannan rumbun. In kuma dogayen takardu masu taɓa komai ne suke mamaye kowane bincike, ya yi kaɗan. Wani magani mai sauƙi shi ne a yanka dogon rubutu zuwa sassa, a auna kowane sashe shi kaɗai.

Wani abin da yake ruɗa mutane shi ne lambar kanta. Duk da cewa daga lissafin yiwuwa aka samo ta, 9.4 ba kaso ba ne cikin goma ko cikin ɗari. Amfaninta kawai jera labarai a bincike ɗaya, a rumbu ɗaya. Makin wannan tambaya ba a kwatanta shi da na wata, kuma in an ƙara sababbin labarai a rumbun, ƙarancin kalmomi da matsakaicin tsawo suna sauyawa, maki ma ya sauya.

Inda Hausa take shan wahala

BM25 baƙaƙe yake kwatantawa, ba ma'ana ba. A wajensa "gero" da "geron" kalmomi biyu ne da ba su san juna ba. Labarin da ya ce "geron bana ya yi tsada" ba zai sami ko ɗigon maki ba daga mai neman "farashin gero", alhali shi ne amsar. Haka wanda ya rubuta "hatsi", kamar yadda ake kiran gero a wasu sassan ƙasar Hausa. "Akuya" da "awaki" ma haka, kuma jam'in Hausa yana canja cikin kalma ne sau da yawa, ba a iya gyara shi da yanke wutsiya kawai kamar yadda ake yi wa Turanci. Ta ɗaya ɓangaren, "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, don ba ma sa alamar karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum, sai ya haɗa su a kwando guda. Jerin kalmomi ma bai dame shi ba: "manomi ya bi ɗan kasuwa bashi" da "ɗan kasuwa ya bi manomi bashi" makinsu ɗaya.

Sai matsalar baƙaƙe masu lanƙwasa. Jarida ta rubuta "ƙasa", mai nema ya buga "kasa" a wayarsa, wani tsohon labari kuma an rubuta "k'asa". A Nijar ana rubuta "ƴa", a Nijeriya "'ya". Ɓarnar a nan ninki biyu ce. Bayan labaran da suke ɓacewa daga sakamako, ƙidayar ƙaranci ma tana lalacewa, don kalma ɗaya da ta rabu gida uku kowane gida zai zama kamar kalma mai wuyar samu, ya sami nauyin da bai cancanta ba. Wannan ba laifin lissafin ba ne. Aiki ne da ake yi kafin a kai gare shi, wajen tsaga rubutu zuwa kalmomi da daidaita su, kuma manhajojin da aka fi amfani da su suna zuwa da shirin wannan don harsuna irin Turanci da Faransanci da Larabci, na Hausa kuwa sai mai rumbu ya zauna ya tsara da kansa.

Manyan injunan binciken intanet sun wuce wannan mataki, suna haɗa alamu masu yawa, kamar waɗanne shafuka ne suke nuni zuwa ga wani shafi. Akwai kuma sababbin dabaru masu ƙoƙarin kama ma'ana, waɗanda za su iya gane cewa "tsada" da "farashi" 'yan gida ɗaya ne. Duk da haka har yau masu bincike in sun ƙirƙiro sabuwar dabara, da BM25 suke fara gwada ta, kuma tsare-tsare da yawa shi suke sawa ya tace dubban rubutu tukuna, sannan dabara mai tsada ta sake jera 'yan kaɗan da suka rage. Yana da sauri, ba ya buƙatar a horar da shi da tarin misalai, kuma in ya yi kuskure ana iya bin lissafinsa da biro da takarda a ga inda aka kauce, kamar yadda muka yi da labaran nan uku. Ga harshen da bai tara rubutu mai yawa a intanet ba, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Don haka mai karatu, in ka shiga rumbun wata jarida ko ɗakin karatu kana nema, ka tuna da mai cigiyar akuya. Ka sa kalmar da ta fi keɓanta da abin da kake so, sunan kasuwa ko na gari ko na cuta, ka bar irin su "labarin" da "yadda". In ba ka samu ba, ka gwada "geron" a madadin "gero", ka gwada da lanƙwasa da babu lanƙwasa. Ku kuma masu kula da rumbunan jaridu da makarantunmu, ku daidaita ƙ da ɗ da ɓ a wajen bincike, ku haɗa kalma da jam'inta da siffarta mai ɗafi, ku gwada tambayoyi ashirin da kuka san amsarsu ku ga me yake fitowa a sama, kafin ku taɓa `k1` ko `b`.